Me ya sa saƙo yake fitowa sau biyu, wani kuma ya ɓace tsakanin shafi da shafi?

Ƙorafin yakan zo ne a taƙaice. Mai amfani da manhaja ya ce ya ga saƙo ɗaya a ƙasan shafin farko, da ya shiga shafi na biyu sai ga shi kuma a sama. Ka buɗe rumbun bayanai, ka tarar saƙon sau ɗaya aka ajiye shi. Ka gwada a kan kwamfutarka, komai daidai. Abin da ya fi wannan damuna shi ne ɗan'uwansa da ba a kawo ƙorafinsa, wato saƙon da yake nan a rumbu amma bai fito a kowane shafi ba. Maimaici kowa na ganinsa, amma wanda ya ɓace babu mai neman sa, tunda ba a san da shi ba.

Matsalar tana da saiwa biyu, kuma mutane da yawa ɗaya kawai suke tumɓukewa. Ta farko, jerin yana motsi yayin da ake karanta shi. Ta biyu, tun asali ba a faɗa wa rumbun takamaiman yadda zai jera layukan ba. Komawa kan hanyar alama, wadda za ka gani da sunan `cursor` a cikin takardun API, yana maganin ta farko. Idan aka bar ta biyu, cutar za ta dawo ta wata fuska. Za mu bi misali guda daga farko har ƙarshe, da PostgreSQL, inda wasu rumbunan suka bambanta kuma zan faɗa.

Abin da hanyar tsallake take tunawa

Mu ɗauka muna da tebur mai suna `sakonni`, da saƙo goma sha biyu a ciki, lambobinsu daga 101 zuwa 112. Ana nuna mafi sabo a sama, huɗu a kowane shafi. Ga yadda aka saba ɗauko shafi na biyu:

```sql
SELECT id, created_at
FROM sakonni
ORDER BY created_at DESC
LIMIT 4 OFFSET 4;
```

Ma'anarsa, jera su, tsallake huɗu, ka ba ni huɗun da ke biye. Lura da abin da babu a cikin wannan umarni. Babu inda aka ambaci waɗanne huɗu ne mai karatu ya riga ya gani. Rumbun bai san an taɓa neman shafin farko ba, kowace tambaya sabuwa ce a wurinsa. Zai sake jera teburin yadda yake a wannan lokaci, ya ƙirga huɗu daga sama ya zubar, da zaton su ne na ɗazu.

Shafin farko ya ba mu 112, 111, 110, 109. Mai karatu na cikin dubawa sai saƙo biyu suka shigo, 113 da 114. Jerin ya koma 114, 113, 112, 111, 110, 109, 108, 107, har ƙasa. Aka tsallake huɗun sama, shafi na biyu ya fito da 110, 109, 108, 107. Biyun farko maimaici ne. Duk sabon layi da ya shigo a sama yana tura kowa baya da taki ɗaya, don haka yawan maimaicin daidai yake da yawan abin da ya shigo.

Yanzu mu juya lamarin. Bayan shafin farko, maimakon ƙari sai aka goge 111. Jerin ya zama 112, 110, 109, 108, 107, 106, 105, 104. Da aka tsallake huɗu, 108 ya tafi cikinsu, shafi na biyu ya fara daga 107. Saƙo na 108 bai fito a shafin farko ba domin lokacin shi ne na biyar, bai fito a na biyu ba domin yanzu shi ne na huɗu. Babu kuskuren da zai bayyana a ko'ina. In kuwa aka yi dace saƙo ɗaya ya shigo, ɗaya ya fita, sai su kashe juna, komai ya tafi daidai. Shi ya sa matsalar take zuwa yau, gobe ta ɓuya, kuma ba ta taɓa bayyana a kan bayanan gwaji da ke zaune wuri ɗaya.

Ba gogewa kaɗai ke fitar da layi daga jeri ba. Duk layin da ya daina cika sharaɗin `WHERE` ya fita. Mafi munin nau'in wannan shi ne aikin da ke yi wa kansa. A ce akwai shirin da ke ɗauko saƙonnin da ba a aika ba, `WHERE status = 'pending'`, huɗu huɗu, ya aika, ya mai da su `sent`. Zagayen farko ya gama da huɗu, saura takwas. Zagaye na biyu ya ce a tsallake huɗu, alhali huɗun da yake nufi sun riga sun bar jerin, sai ya tsallake huɗun da ba a taɓa ba ya ɗauki na bayansu. Zagaye na uku ya ce a tsallake takwas, ya samu wayam, ya sanar cewa aiki ya kammala. Saƙo huɗu na nan ba a aika ba. A kan babban tebur, abin da ake bari a baya yakan kusan rabi. Idan ka taɓa ganin aikin da sai an sake kunna shi sau da yawa kafin ya share komai, fara duba nan. Gyaran wannan ma mai sauƙi ne: a cire `OFFSET` gaba ɗaya, kullum a ɗauki huɗun sama har jerin ya ƙare, da sharaɗin cewa wanda aikawarsa ta gaza a ba shi wani matsayi daban, kar ya toshe hanya.

Saiwa ta biyu: kunnen doki

Wannan tana faruwa ko da babu wanda ya taɓa teburin. Mu ce 109, 108 da 107 duk lokacinsu ɗaya ne. Hakan ba abin mamaki ba ne. A PostgreSQL, `now()` yana ba da lokacin da mu'amala ta fara, wato daga `BEGIN`, saboda haka layi dubu da aka zuba a mu'amala guda lokacinsu ɗaya ne tak. A MySQL kuma `DATETIME` da ba a faɗi adadin gurabensa ba iyakarsa sakan, duk abin da ya shigo cikin sakan guda ya yi kunnen doki.

Umarninmu ya ce a jera bisa lokaci, bai ce komai a kan waɗanda lokacinsu ya zo ɗaya ba. Rumbu na da 'yancin ajiye su yadda ya ga dama, kuma ba dole ne zaɓinsa na yanzu ya zama na anjima ba. Takardun PostgreSQL da na MySQL duka sun yi gargaɗi a kan haka: adadin da ka sa a `LIMIT` da `OFFSET` yana iya canza hanyar da rumbun zai bi wajen aiwatar da tambayar, hanyar kuma ta canza jerin masu kunnen doki. To a tambayar farko ukun suka jeru 109, 108, 107, shafin ya ƙare da 109. A ta biyu suka jeru 108, 109, 107, sai 108 ya faɗa cikin huɗun da aka tsallake, 109 ya buɗe shafi na biyu.

A tsaya a nan kaɗan, domin akwai bambancin da ya kamata a riƙe. Maimaicin da sabon saƙo ya jawo bai cinye kujerar kowa ba, abin da ya biyo baya duk zai fito. Amma a kunnen doki, yawan layuka bai canza ba, yawan kujeru bai canza ba, don haka duk wanda ya zauna sau biyu ya hana wani zama. Na sha ganin an gyara irin wannan da tace maimaici a ɓangaren manhaja, a riƙe lambobin da aka gani a jefar da wadda ta sake zuwa. Ƙorafi ya tsaya, amma 108 har yanzu ba ya fitowa, kuma an kashe fitilar da ke nuna akwai matsala. Ban yarda da wannan a matsayin gyara ba.

Rashin `ORDER BY` kwata-kwata shi ne wannan cutar a cikakkiyar siffarta. Ganin layuka na fitowa bisa lambarsu a yau ba alkawari ba ne. A PostgreSQL, `UPDATE` yana rubuta sabon kwafin layin ne a wani gurbi, don haka gyara ɗaya ya isa ya sauya inda layin zai fito.

Gane wacce ce ta same ka

Kafin ka taɓa komai, rubuta ɗan shiri da zai bi shafukan daga farko zuwa ƙarshe yana tara lambobi. Kwatanta abu uku: yawan lambobin da ya tara, yawansu bayan cire maimaici, da abin da `COUNT(*)` ya bayar da sharaɗi iri ɗaya. Yi haka a kan kwafin bayanan da babu mai rubutu a ciki. Idan ukun ba su zo ɗaya ba, kunnen doki ne, kuma za ka ga masu maimaituwar suna da ƙima ɗaya a ginshiƙin da ake jerawa da shi. Idan sun zo ɗaya, sake gwajin, amma wannan karon ka sa layi ɗaya ko ka goge ɗaya daga sama bayan kowane shafi. Maimaicin motsi yana da kamanni: wutsiyar shafin baya ce take dawowa a kan sabon shafi, a jerinta, ba a hargitse ba.

Gina hanyar alama

Tunanin mai sauƙi ne. Maimakon a ce wa rumbu tsallake kaza, sai a ce masa ba ni waɗanda ke bayan wane. Kamar mutumin da ya bar sahu ya dawo: idan abin da ya riƙe shi ne "ni ne na biyar", ko mutum ɗaya ya fita lissafinsa ya rushe, amma idan ya riƙe wanda ke gabansa, zai koma gurbinsa ko nawa ne suka shiga suka fita. Wata sanarwa kafin mu ci gaba: wannan ba shi ne `DECLARE CURSOR` na SQL ba, wanda ke riƙe tambaya a buɗe a cikin rumbu. Alamar da muke nufi 'yar bayani ce da ake miƙa wa mai nema, ya dawo da ita, saba ba ta riƙe komai.

Matakin farko, kashe kunnen doki. Ƙara ginshiƙin da ba ya maimaituwa a ƙarshen jerawa, galibi `id`. Ko ba za ka bar hanyar tsallake ba, yi wannan yau.

```sql
ORDER BY created_at DESC, id DESC
```

Ga dalilin da ya sa ba a tsallake wannan mataki. Da alamar za ta ƙunshi lokaci kaɗai, sharaɗin `created_at < lokacin 109` zai zubar da 108 da 107, tunda lokacinsu bai gaza nasa ba. In ka mai da shi `<=` don ka cece su, 109 zai dawo, kuma ranar da masu kunnen doki suka cika shafi guda, shafin ba zai ƙara gaba ba, zai yi ta maimaita kansa har abada.

Mataki na biyu, fihirisa mai bin wannan jeri daidai.

```sql
CREATE INDEX sakonni_lokaci_id
ON sakonni (created_at DESC, id DESC);
```

Idan tambayarka kullum tana da sharaɗin daidaito, kamar `user_id = 7`, sa wannan ginshiƙi a farkon fihirisar, sannan lokaci da lamba su biyo.

Mataki na uku, shafin farko. Babu alama tukuna. Nemi layi ɗaya fiye da girman shafi, wato biyar. In biyar suka dawo, nuna huɗu, na biyar shaida ce cewa akwai shafi a gaba. In huɗu ko ƙasa suka dawo, an kai ƙarshe. Wannan ya hutar da kai ƙirga tebur gaba ɗaya. Kuskuren da ake yi a nan shi ne gina alama daga layi na biyar. Daga na huɗu ake ginawa, na ƙarshen da aka nuna. In ka ɗauka daga na biyar, kowane shafi zai haɗiye layi ɗaya.

Mataki na huɗu, alamar kanta. Ta ƙunshi ƙimar kowane ginshiƙi da ke cikin `ORDER BY`, daga layin ƙarshe:

```json
{"t": "2024-03-05T10:15:30.123456Z", "id": "109"}
```

Yawanci ana naɗe ta da base64 a miƙa ta a matsayin zare ɗaya, domin kar masu amfani da API su fara ƙera tasu, kai kuma ka samu damar canza cikinta daga baya. Amma base64 ba makulli ba ne, kowa na iya warware shi. Duba abin da ya dawo maka kamar yadda kake duba duk wani abu daga waje, ka tura shi ta gurbin ƙima irin `$1`, kar ka liƙa shi cikin rubutun tambaya, kuma sharaɗin izini ya zauna a cikin tambayar, kar ya dogara da alama.

Mataki na biyar, shafi na gaba.

```sql
SELECT id, created_at
FROM sakonni
WHERE (created_at, id) < ($1, $2)
ORDER BY created_at DESC, id DESC
LIMIT 5;
```

Kwatancen da ke cikin baka yana tafiya ne kamar jerin ƙamus: a duba lokaci, sai in ya zo ɗaya a duba lamba. Mu mayar da shi kan misalinmu. Alama tana kan 109. Saƙo na 113 da 114 sun shigo, lokacinsu ya fi na alama, sharaɗi ya bar su a waje. An goge 111, ba ruwan tambayar, domin ba ta ƙirga komai daga sama. Saƙo na 108 da 107 lokacinsu ɗaya da na alama, amma lambarsu ta gaza 109, suka shigo. Shafi na biyu ya fito 108, 107, 106, 105 a kowane hali. Ko 109 ɗin kansa aka goge babu abin da zai faru, tunda ƙimarsa muke riƙe da ita ba shi ba. Wannan ne dalilin da na fi son alama ta ɗauki lokacin a cikinta. Wadda ta ɗauki lamba kaɗai, sai an koma tebur an nemo lokacin, tana mutuwa tare da layinta.

PostgreSQL yana amfani da fihirisa sosai a wannan salon rubutu, SQLite ma ya karɓe shi tun siga ta 3.15. SQL Server bai san shi ba. MySQL yana karɓa, amma kar ka ɗauka ya bi fihirisa sai ka duba da `EXPLAIN`. Inda bai yi aiki ba, warware shi haka:

```sql
WHERE created_at <= $1
  AND (created_at < $1 OR id < $2)
```

Layin farko shi ke nuna wa rumbun inda zai faɗa cikin fihirisa, na biyu ya tace masu kunnen doki. Haka kuma salon baka yana aiki ne kawai idan ginshiƙan duk sun fuskanci gefe ɗaya. In ɗaya `DESC` ne ɗaya `ASC`, dole a warware, kowanne da alamar kwatancensa.

Komawa baya bai da wuya. Ɗauki layin farko na shafin da ake kai, juya `<` ya zama `>`, juya jerawa ta zama `ASC`, ka ɗauko, sannan ka kifa sakamakon a cikin shirinka kafin nunawa. Wanda ya juya kwatance ya manta jerawa, shafin farko zai riƙa samu maimakon wanda ke daf da shi.

Akwai riba ta biyu da ke biyo wannan aiki. `OFFSET 100000 LIMIT 20` yana sa rumbu ya bi ta kan layi 100,020 ya zubar da duka ban da 20, don haka shafi na nisa ya fi na kusa nauyi. Da alama da fihirisa, shafi na dubu biyar da na biyu nauyinsu kusan ɗaya. `EXPLAIN ANALYZE` zai nuna maka yawan layukan da aka karanta a ƙarƙashin `Limit`. In ka ga `Sort` a wurin, fihirisarka ba ta dace da jerawar ba.

Inda alama ma take yoyo

Wanda ya fi kama mutane shi ne yanke lokaci. PostgreSQL yana ajiye lokaci da gurbi shida bayan sakan, `Date` na JavaScript kuwa uku yake riƙewa. Idan lokacin ya bi ta cikinsa kafin ya shiga alama, `.123456` zai koma `.123`. Tambaya ta gaba za ta nemi abin da ya gaza `.123000`. Dubi abin da zai samu 108 da 107: lokacinsu `.123456` ne, ya fi na alamar da aka yanke, sai a ɗauka an riga an wuce su. Sun ɓace, duk da `id` da muka ƙara. A jeri mai hawa sama kuma akasin haka ne, 109 zai sake fitowa. Abin da zai nuna maka yanke lokaci ne shi ne ɓatattun duk suna cikin milisakan ɗaya da layin ƙarshen shafi. Maganinsa, karɓo lokacin daga rumbu a matsayin rubutu, ka sa shi cikin alama yadda yake, ka mayar yadda yake. Lamba ma haka: in ta wuce 9007199254740991, lambar JavaScript ba ta riƙe ta daidai. Shi ya sa na sa `"109"` cikin alamun zance a sama.

Sai `NULL`. Kwatanta komai da `NULL` ba ya ba da gaskiya, don haka layin da ginshiƙin jerawarsa babu komai zai faɗi daga sharaɗin. A PostgreSQL irin waɗannan su ke zuwa farko a `DESC`, kuma in ɗayansu ya zama layin ƙarshen shafi, lokacin alamar kansa babu komai, shafi na gaba ya dawo wayam kamar an gama. A MySQL su ke zuwa ƙarshe a `DESC`, ba za a taɓa isa gare su ba. Mafi kwanciyar hankali a jera da ginshiƙi mai `NOT NULL`.

Sai ginshiƙin da ƙimarsa ke canzawa, kamar `updated_at` ko yawan ƙuri'u. Alama tana tsare iyaka, ba ta hana layi tsallake iyakar. A jerin mafi sabon gyara a sama, in aka gyara 103 kana shafi na biyu, zai tashi sama, bayanka, ba za ka gamu da shi a wannan tafiyar ba. Ga mai zazzaga allo da yatsa wannan ba komai ba ne. Ga shirin da ke kwafe bayanai zuwa wani wuri asara ce. Shi irin wannan shiri ya jera daga tsoho zuwa sabo, domin wanda aka gyara ya faɗo gabansa, ya sake ganinsa, ya rubuta a kan na da bisa lambarsa.

Kuma alama ta jerinta ce kawai. In mai amfani ya canza tacewa ko salon jerawa, a yar da ita a faro daga sama.

Na ƙarshe ya fi ɓuya, kuma masu bin sabbin layuka daga tsoho zuwa sabo yake kamawa. Lamba da lokaci ana ba da su ne kafin `COMMIT`, amma layi ba ya ganuwa sai bayansa. Mu'amala ta farko ta karɓi lamba 500, ta tsaya wani aiki na sakan uku. Ta biyu ta karɓi 501 ta kammala nan take. Shirinka ya zo a tsakani, ya ga 501, ya kafa alama a kai. Bayan nan 500 ya bayyana, a bayan alama, inda ba za a sake waiwaya ba. Hanya ɗaya ita ce kar a karanta har bakin gaɓa:

```sql
AND created_at < now() - interval '1 minute'
```

Wannan yana aiki ne idan alamar tana bin `created_at`, kuma tazarar ta fi mu'amalarka mafi daɗewa. Ɗaya hanyar ita ce kowane zagaye ya ɗan ja baya ya sake karanta wani yanki, ya tace da lamba. A nan tace maimaici halas ne, domin kai ka jawo shi da gangan. In ana karatu daga kwafin rumbu mai bin babban a baya, ƙara jinkirinsa cikin lissafin tazarar.

Wacce za a ɗauka

Abin da alama ba ta iyawa shi ne tsalle. Ba za ka ce kai ni shafi na 37 ba, domin ba ka san layin ƙarshen shafi na 36 ba sai ka bi ta kansa. Teburin ma'aikata mai 'yan ɗaruruwan layuka, wanda ba a cika taɓawa ba, kuma mutane suna son lambobin shafi a ƙasa, a bar shi da `OFFSET` bayan an kashe kunnen doki. Jerin da sabbin abubuwa ke faɗowa a samansa, da duk API da wani shiri zai bi har ƙarshe yana dogaro da cikarsa, alama suke buƙata. Irinta ce Stripe ke karɓa a `starting_after`, Slack kuma ke bayarwa a `next_cursor`. Sau da yawa mai neman shafi na 37 wata rana yake nema a zahiri, kuma wannan alama ta iya shi: ba shi wurin zaɓar kwanan wata, ka fara jerin daga can.

Akwai buƙata ta uku da duka biyun ba su biya ba, wato rahoton da dole ya nuna teburin yadda yake a lokaci guda, ba ƙari ba ragi. Wannan sai a karanta shi cikin mu'amala ɗaya a matakin `REPEATABLE READ`, a rubuta sakamakon a fayil ko wani tebur, sannan a raba wancan shafi shafi. Kar a bar mu'amalar a buɗe tana jiran mutum ya danna maɓalli, domin a PostgreSQL doguwar mu'amala tana hana `VACUUM` share tsofaffin kwafin layuka, tebur ya yi ta kumbura.

Bayan ka gama sauyawa, koma kan shirin gwajin nan na ɗazu ka tsananta masa. Zuba layi hamsin a mu'amala ɗaya domin lokacinsu ya zo ɗaya har gurbi na shida, sa girman shafi ya zama uku, bayan kowane shafi ka ƙara layi a sama ka goge wanda alama take kansa. Bi da shi ta ainihin API ɗin, kar ka tura tambayar kai tsaye ga rumbu, domin yanke lokaci a hanya yake faruwa. Duk lambar da take nan tun farkon tafiya kuma ba a goge ta ba, ta fito sau ɗaya tak.